Inda Jawabin Baba Ya Tsaya

Yaya Babba mutum ne da bai iya cewa "ban gane ba". Ranar da za a yi wa Baba taron ritaya a makarantar da ya koyar, shi aka ɗora wa buga jawabin. Baba ya faɗa da baki, Auta ta rubuta a wayarta, ta kwafo ta liƙa masa a saƙo. Ashe da ta ja yatsa tana zaɓar rubutun, bai kai ƙasa ba.

A shagon buga takardu mai shagon ya lura. Ya juyo da fuskar kwamfutar ya ce, "Yallaɓai, abin nan ya yanke. Duba ƙarshensa: 'wanda ban san da bakin da zan gode masa ba shi ne', shi ke nan, ko aya babu."

Yaya ya rubuta wa Auta, "Bai cika ba."

"Wane wuri? Ni duka na turo," ta amsa. Tana can tana fama da jera kujeru.

"Kwafi kalmomin ƙarshen ka tura mata," in ji mai shagon. "Ka ce daga nan zuwa ƙasa ne babu. In ba haka ba, abin da ta turo za ta sake turowa."

Yaya ya karanta layin ya sake karantawa, kansa ya fara kumbura. Wa Baba zai gode wa haka in ba ɗan fari ba? Ya ce, "Bar ta, na san sauran. Sa 'babban ɗana', ka rufe da godiya ga mahalarta."

A zauren taro Baba ya gyara tabarau, yana karatu tiryan-tiryan har ya iso wurin. Sai ya ɗago. Ya dubi layin baya, inda mijin Auta yake zaune, makanikin nan da Yaya ba ya ko amsa gaisuwarsa da kyau. Shi ne ya riƙa goya Baba yana hawa da shi benen asibiti duk lokacin da ƙafa ta ƙi. A lokacin Yaya waya kawai yake bugowa.

Nan take Yaya ya gane wanda Baba yake nufi a jawabin. Kunya ta kama shi, ya tsaya jiran Baba ya gyara a gaban jama'a, don ya san ya cancanci haka.

Baba ya mayar da ido kan takardar, ya karanta a hankali, "Shi ne babban ɗana."

Zaure ya ɗauki tafi. Auta ta waigo ta zuba wa Yaya ido, hannuwanta a cinya. Makanikin kuwa har miƙewa ya yi yana tafawa, yana yi wa Yaya murmushi da zuciya ɗaya.