Mutum Nawa Za A Rubuta

Katin ya same ni ina tsaka da kalmasa bakin wata doguwar riga, fil uku a bakina. Sai-Gobe ne ya kawo, ɗan kawun marigayi maigidana, direban tasi. Sunan ya bi shi ne saboda ko ruwa ka ce ya miƙo maka sai ya ce bari gobe.

"Amarya, an samu ƙaruwa! Matar Auta ta sauka, namiji."

Amarya suke ce mini a gidan tun ranar da aka kai ni, ga shi har furfura ta fito ba su sauya ba. Na tofar da fil ɗin na ce, "Kai, Alhamdulillahi! Lafiya dai ta sauka?" Ya ce lafiya ƙalau, ya ajiye ambulan a kan keken ɗinkina, ya ɗauke lemon da na sayo wa kaina ya shanye.

Auta ƙanen maigidana ne. Uwarsu ta rasu yana ɗan firamare, a hannuna ya tashi. Ni na ɗinka masa kayan makaranta, ni na riƙa zuwa ba malamai haƙuri in ya yi ɓarna. Allah bai ba ni haihuwa ba, amma ban taɓa jin gidana shiru ba saboda yaron nan. Da maigidana ya rasu bara, na gama takaba, na koma ɗakin da ke bayan shagona. Ba wanda ya kore ni, kada na yi musu ƙarya. Sun zo, sun kira, ni ce na riƙa cewa aiki ya yi yawa. A zuciyata kuwa abu ɗaya nake juyawa: wanda ya haɗa ni da su ya tafi, ban bar musu ɗa ba, to ni yanzu mece ce a gidan?

Na buɗe katin. An rubuta sallama, sannan: "Muna farin cikin gayyatarki sunan ɗanmu ranar Asabar da hantsi, a ɗakin taro na ƙasan benen da muke zaune. Wurin ƙarami ne, kujeru a ƙidaye suke. Don Allah a tabbatar da zuwa kafin la'asar ɗin Alhamis, ta kira ko saƙon waya zuwa lambar da ke ƙasa. A faɗi suna, da mutum nawa za su zo." Lambar kuwa ta Hedimasta ce, yayar maigidana. Shekarunta masu yawa tana shugabantar makaranta, ta yi ritaya amma ba ta ajiye bulalar bakinta ba. In ta ce la'asar, la'asar take nufi.

Na ce wa Sai-Gobe, "Ka gaya musu ina nan zuwa, in Allah ya yarda."

"An gama, Amarya," in ji shi.

Bayan ya tafi na sake karantawa, sai layin ƙarshe ya tsaya mini a rai. Mutum nawa? Duk wani biki da aka taɓa yi a dangin nan, amsarmu biyu ce. Ni da maigidana, shi da hularsa a karkace yana cewa na yi sauri. Na ɗauki waya na rubuta, "Amarya ce, zan zo, mutum ɗaya." Na dubi kalmar nan ta ƙarshe, hannuna ya ƙi. Na goge. Washegari na sake rubutawa, na sake gogewa. Sai na lallashi kaina cewa ai na riga na ba Sai-Gobe saƙo, me kuma ya rage? Na sayo yadi mai laushi na fara ɗinka wa jariri riguna, har da 'yar hula.

Ga wani abu kuma da ya riƙa cin raina a ɓoye: kati. Yaron da na wanke wa kashi, yau ni ake aiko wa kati kamar abokiyar aikinsa? Na ce to, sun gaya mini matsayina cikin ladabi, baƙuwa ce ni. Duk da haka na gode da ba a manta da ni ba, kuma zan je ko a bakin ƙofa ne na tsaya.

Ranar Juma'a da safe sai ga Sai-Gobe da wando a leda, wai zif ya lalace, gobe suna.

"Ka dai isar da saƙona ko?" na tambaya, ina neman almakashi.

Ya sosa ƙeya. "Wane saƙo?"

"Kai! Sai-Gobe!"

"Wallahi yana raina, Amarya. Na ce in na je sunan zan gaya musu."

"In ka je sunan za ka gaya musu ina zuwa sunan? Allah ya shirye ka!"

Sai ya ƙara mini da wani. Wai jiya bayan magariba babban abokin mijin Hedimasta ya kira, ta ce masa ya makara, ta riga ta ba mai kula da ɗakin taro adadi, ta ba mai abinci adadi, sai dai ya zo barka wata rana. Abokin mijinta fa! Kujerar ba ta dame ni kamar abin da shiruna zai faɗa musu ba. Shekara guda ina kauce musu, yanzu sun aiko a rubuce, na yi gum. Auta zai ce na yanke su.

Na wurga wandon kan tebur, na rufe shago, na kwashi rigunan jariri a jaka. Na ce, "Tashi ka kai ni, yau ɗin nan, ba gobe ba."

Ɗakin taron yana ƙasan bene, kusa da inda ake ajiye motoci. Ɗan madaidaici ne, fanka biyu, taga a gefe guda, an jingina teburori a bango. Na tarar da Hedimasta a tsakiya da tabarau a kan hanci, tana nuna wa mai kula da wurin inda za a jera kujerun roba. Mutumin yana ta maimaita cewa kada a tare ƙofar baya, dokar ginin ke nan, ba zai ƙara ko kujera ɗaya ba.

Na durƙusa na gaishe ta. "Yaya, ina kwana. Barka da arziki."

Ta dube ni ta saman tabarau. "A'a, Amarya, ashe kina gari? Na ɗauka wayarki ta faɗa rijiya."

"Yaya, na ba Sai-Gobe saƙo."

"Sai-Gobe?" Ta tafa hannu. "A katin an rubuta a gaya wa Sai-Gobe? Lamba aka sa, tawa, da manyan baƙaƙe. Kin fi kowa sanin dalili. In kowa ya ba ɗan aike amsa a baki, gobe mutane su cika nan, wa zan tsayar a waje? Na ce la'asar, na jira har aka kira salla, na miƙa adadi. An rufe."

Na ce, "Na sani, laifina ne. Ba kujera na zo roƙo ba. Ga kayan yaro, a ba maijego. Kuma ki gaya wa Auta ba ƙin zuwa na yi ba."

"To me ya hana ki latsa waya?"

Na so na ce aiki, kamar kullum. Bakina ya ƙi ƙaryar. Na ce, "An ce a faɗi mutum nawa. Na rubuta ɗaya, na kasa turawa." Sai hawaye, a gaban mai kula da ɗaki, a gaban Sai-Gobe da ke leƙe ta taga. Kunya ta kama ni, na ja gyale na rufe fuska.

Hedimasta ta jawo kujera biyu daga cikin waɗanda aka jera, ta zauna a ɗaya, ta buga ɗayar da tafin hannu. Na zauna.

"Katin nan ba shawarata ba ce," in ji ta. "Ni cewa na yi a je a ɗauko ki da kayanki tun ranar da aka haihu. Auta ne ya ce a'a. Wai kina guje mana, wataƙila ganinmu yana tayar miki da ciwon rashin ɗan'uwanmu, kada a matsa miki. A ba ki kati kamar kowa, in kina so ki amsa, in ba kya so ki yi shiru ba tare da jin nauyi ba. Tun daga ranar, Auta bai bar ni na huta ba. Yaya, Umma ta kira? Yaya, duba saƙo. Jiya da la'asar ta wuce, ƙato da shi, uban ɗa, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa."

Umma yake ce mini. Na daɗe ban bari ya faɗa a kunnena ba. Na ce, "Wayyo Allah, ɗana."

"Kujerar baƙi dai kin rasa ta, na ba wata maƙwabciya da ta amsa a kan lokaci. Ba na sauya magana." Ta nuna layin gaba, kusa da inda maijego za ta zauna. "Amma in zan ba da adadi, da mutanen gida nake farawa, su ba sa amsawa. Auta ya ce kada na ƙidaya ki sai kin yarda. Na ce to. Da na zo ƙidaya, yatsana da kansa ya lanƙwashe a kanki. Ina ƙirga gidanmu na tsallake matar da ta raini autanmu? Ban haukace ba tukuna."

Na kama hannunta da hannu biyu. Matar da na shekara ashirin ina tsoron bakinta. Na ce, "Yaya, na gode. Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa. Wallahi ban san da wane baki zan gode miki ba."

"Da waya," in ji ta, ta zare hannunta tana gyara tabarau, ita ma idonta ya yi ja. "Ɗauko ki amsa yadda aka ce. Ki turo lambata, ni kuma na tura wa wancan mai rufe ƙofa, ya fito ya ci abinci."

Na ciro wayar. Na rubuta, "Umma ce, zan zo." Na iso wurin adadi na tsaya, na ɗago kai.

"Me kuma?"

"Mutum nawa zan sa?"

Ta yi tsaki. "Sha huɗu. Haka muke mu mutanen gida, da ke, har da jaririn."

Na rubuta sha huɗu, na tura. Wayarta ta yi ƙara a jaka, ta duba, ta latsa ta aika sama. Ba a jima ba muka ji ana saukowa daga bene da gudu, takalmi ɗaya yana faɗuwa a matakala, ana kiran "Umma! Umma!" Na miƙe tsaye, jakar rigunan jariri a ƙirjina.