Babu Komai

Tun da Suwaiba ta kalli jimillar, ranta bai kwanta ba. Ita ce mai shigar da bayanai a wata cibiyar kula da yara masu tamowa a wajen Ƙofar Kwaya. Duk ƙarshen wata takan cika jadawalin Excel a kwamfuta ta aika babban sito, su kuma su turo katan-katan na abincin gyaɗar nan da ake ba yaran. Abin da jimilla ta nuna shi mota ke kawowa, ko ƙulli ɗaya ba a ƙarawa. A watan nan mutanen ƙauye sun kwararo birni gudun 'yan bindiga, har sai da ta liƙa sababbin layuka a ƙasan jadawalin, amma adadin bai yi kama da matan da suka cika rumfa ba.

Suwaiba ta iya shigar da lambobi, amma fomula, wato umarnin da ke haɗa lissafi a jadawalin, tsoronta take ji. Malam Nu'uman ne ya tsara jadawalin kafin a mai da shi babban ofis, don haka shi ta rubuta wa imel. Ta yi sallama, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, ta tambayi jikin Hajiyarsa, ta yi masa barka da ruwa. Can ƙasa ta roƙe shi don Allah ya duba mata fomulolin ko akwai kuskure, yau sito ke rufe karɓar jadawali. Gaisuwa dai ta cika har ta tumbatsa, fayil ɗin jadawalin ne kawai bai bi ta ba. Da a Turanci ta ce ta haɗa fayil, da manhajar ta tunatar da ita, amma abin nan bai san Hausa ba.

Amsa ta zo daga wayarsa, yana tsakiyar taro: "Wa alaikumus salam. Na duba, babu komai."

Ta yi hamdala, ta aika wa sito.

Wata bai yi nisa ba abinci ya ƙare. Ranar nan Delu ce a gaban layi, wata mata da ta baro ƙauyensu da ƙafa, goye da ɗanta Almu. Yaron ya fara farfaɗowa, har yakan riƙe ƙullin da kansa yana tsotsa. Suwaiba ta shiga ɗaki ta kira Malam Nu'uman a waya.

"Malam, kaya sun ƙare. Ai kai ka ce mani lissahin daidai yake."

"Ni? Yaushe?"

"Ka ce ka duba, babu komai."

"Suwaiba, cewa na yi babu komai cikin saƙon. Ba ki saka fayil ɗin ba. Ina ta jira ki sake turowa, da na ji shiru na ɗauka kin gyara."

Ta buɗe akwatin saƙonnin da ta aika. Ga gaisuwarta nan reras, babu alamar fayil ko ɗaya. Ta buɗe jadawalin.

"Taɓa gidan jimillar, ki karanta mani abin da ya hito sama," in ji shi.

"SUM, D2 zuwa D41."

"Layukanki ina suka tsaya?"

"Hamsin da takwas."

"Innalillahi. Lissahin a layi na arba'in da ɗaya ya tsaya, duk abin da kika liƙa ƙasa bai shiga ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gano kuskuren bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Ta ji haushinsa, mutum ya kasa ƙara kalma biyu a saƙo, amma haushin kanta ya fi. Suka rubuta buƙatar gaggawa, sito suka ce kason watan ya riga ya tafi wasu cibiyoyi, sai an jira. Ta fito ta gaya wa matan su dawo wani mako. Ba wadda ta yi faɗa, suka gyara goyo suka watse.

Da mota ta zo, Suwaiba da kanta ta tsaya bakin rumfa tana neman Delu. Sai wajen azahar ta hango ta, zani ɗaure a ƙugu, bayanta babu goyo. Katin karɓar abincin yaron ta kawo, wai ko za a ba wani.

"Zawo ya kama shi," in ji Delu. "Jikin ba ƙarhi. Shekaranjiya aka kai shi."

Suwaiba ta karɓi katin, ta ce, "Allah ya ba da haƙuri. Ki yahe mani, Delu, laihina ne, ni ban aika..."

Delu ba ta san mene ne fayil ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta gyara mayafinta.

"Haba Malama," ta ce. "Babu komai."