Layi na Huɗu

Wata uku na horo a ƙasar waje, mutum ɗaya kacal za a ɗauka daga ɗakin gwajin jini na asibitin, kuma sunan Anti ya fito. Shekara sha huɗu tana leƙa madubin gwaji kafin wannan dama ta zo. Dogo, wanda ita ta koya masa ko riƙe sirinji, shi ne na biyu idan ta kasa tafiya.

Da ta rubuta wa ofishin jakadanci imel, sai da ta cika shafi da gaisuwa da tarihin aikinta. Dogo ya leƙo ya kwashe da dariya.

"Anti, surukanki kike rubuta wa? Kawo in rage miki."

Ya mayar da shi layi uku: "Ina da ganawar neman biza ranar sha takwas ga watan gobe, don horon wata uku. Ina roƙon a sanar da ni takardun da zan zo da su. Na gode." Ya sa sunanta da lambar ganawar, ya tura ta adireshin sashensu, wanda dama shi ke dubawa. Bayan kwana biyu ya miƙo mata jeri a takarda: fom, hotuna biyu, fasfo, wasiƙar gayyata, wasiƙar wurin aiki, inshorar lafiya. Har albarka ta sa masa, baiwar Allah.

Ranar ganawa, matar da ke bayan gilashi ta buɗe fasfon ta girgiza kai.

"Zai ƙare wata biyu bayan dawowarki. Mu sai ya kai shida. Ai mun rubuta miki."

"Ban gani ba."

Matar ta juyo mata da allon kwamfuta. Abu bakwai ne, kuma na huɗu ya faɗi haka ɓaro-ɓaro. Da ta sani mako biyar da suka wuce, da tuni ta sabunta. Yanzu saura kwana tara a fara horo, ga layin ganawa ya cika har wata mai zuwa.

Duk hanya tana nema wa Dogo uzuri. Wataƙila kuskure ne wajen kwafa. Tana isa wurin aiki ta wuce teburin kwamfuta ko jaka ba ta ajiye ba, ta buɗe saƙonnin da aka tura. Minti goma bayan amsar ofishin jakadancin, Dogo ya rubuta wa masu horon: idan wadda aka zaɓa ta samu matsalar fasfo, shi nasa sabo ne. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, ba don tafiyar kaɗai ba.

Ƙofa ta buɗe, ya shigo da tiren kwalabe yana murmushi.

"Anti! An dace?"

Ta matsa gefe don ya ga allon da kyau.

"An dace," ta ce. "Sai ka fara haɗa kaya."