Sabulun da ya ƙi fita daga shagon Inno

Ni dai ban san wanda ya kai gwaggona Inno taurin kai ba a duk faɗin Funtua. Shekara ashirin da biyu tana yin sabulu a ɗan shagon bayan gidanta, ni kuwa Rashida shekara biyu kacal nake taya ta, don haka duk abin da na faɗa sai ta ce ƙwai ne yake son ya fi kaza wayo.

Ran nan Laraba ce, kuma Alhaji Ubaidullahi zai zo da hantsi ya kwashi sabulu ɗari huɗu zuwa Malumfashi. Shi kaɗai ne babban mai sayenmu, da shi shagon yake tsaye. Tun zuwan farko ya gaya mana cewa duk ranar da ya zo ya koma hannu rabbana, to mun rabu ke nan.

Sabulun ya yi sati huɗu a kan katako yana shan iska. Na ɗauki ɗaya na raba shi biyu da busasshiyar wuƙa, na ɗiga masa ruwan gwajin da aka koya mana a wajen horon sana'a. Aikin ruwan nan ɗaya ne. In mai ya cinye sodar da aka zuba duka, wurin ba ya sake launi, ko ya ɗan yi ja kaɗan. In kuwa akwai ragowar soda mai cin fata, sai ya rine. Nan take tsakiyar sabulun ta yi jawur kamar an zuba mata zoɓo. Na yanka na biyu, na yanka na biyar, duk kanwar ja ce.

Inno ko a jikinta. Ta ɗauki guda ta lasa bayansa kamar yadda ta saba, ta ce lafiyarsa lau, ruwan gwajina ne ya lalace. Na ɗauko ragowar na watan jiya na yanka na ɗiga, bai rine ba. Sai ta koma cewa a bar shi ya ƙara sati biyu. Na yi mata bayani har bakina ya bushe: iska bayansa kawai take lausasawa, sodar da ta fi ƙarfin mai tana nan a ciki ko shekara zai yi, kuma matan da za su saya har jarirai suke wankewa da shi. Raina ya ɓaci sosai, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce duk laifin gwangwanin awonta ne, da ta yarda da sikeli da ba mu ga wannan rana ba.

Ta ce gwangwani uku na soda take zubawa a kowane kwaɓi tun kafin in yi haƙori, me ya sa sai yau? Ta jawo buhun don ta nuna mini. Ina leƙawa na gane inda matsalar take. Sodar da ta saba da ita ɓarɓashi ce mai faɗi, wadda take barin sarari a gwangwani. Wannan kuwa 'yan ƙwayoyi ce kamar sukari, tana cika ko'ina, gwangwani ɗaya ya fi na da nauyi nesa ba kusa ba. Ni na sayo ta da waccan ta yanke a kasuwa, na ajiye buhun ban ce mata komai ba, ga idonta ba ya gani sosai yanzu.

Inno ta ɗebi sodar da ludayi ta kai kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauki ɓarin da na yanka ta taɓa tsakiyarsa da harshe. Ta yi saurin janyewa, ta tofar, ta kurkure baki. Gyaran dai mun san shi: a goge sabulun duka, a narkar, a ƙara masa man alayyadi, a sake zubawa. Aikin sati guda ne ko fiye, ga ƙarar Keke Napep ɗin Alhaji har ta tsaya a ƙofa.

Bayan an gaisa, ya ji bayani, ya ce ai ba wanda zai sani, a loda masa haka nan. Inno ta ce ko ɗaya ba zai fita daga shagon nan ba. Ya tambaya wane ne ya yi wannan ɓarna, yana kallona, don ya san ni ce mai sabbin dabaru. Inno ta riga ni magana.

"Ni ce, Alhaji," in ji Inno. "Tsufa ne. Rashida ce ma ta gano."

Ya ce to Allah ya kyauta, shi zai nemi wasu a Zariya, ya hau kekensa ya tafi. Kunya ta rufe ni, na durƙusa zan ba ta haƙuri. Ta turo mini magogi da ƙafa.

"Sa safar hannu tukuna," ta ce. "Hannunki sabo ne, zai cinye ki."