Kwalin da ya dawo lafiya

Ranar Talata Ilham ta shiga siber, shagon intanet na bakin kasuwar Arlit, karo na farko tun bayan sadakar arba'in. Saƙon imel ɗaya ta tarar, daga wani kamfanin sufuri na Yamai da ba ta taɓa jin sunansa ba.

Da Faransanci aka rubuta: "Kuna sayar da kaya ta intanet? Kun gaji da kayanku suna isa a makare ko a fashe? Ku ba mu gwaji ɗaya. Kwana uku, ƙofa zuwa ƙofa."

An jera adireshin mutum sittin a fili. Na tara nata ne, na goma na yayanta Ahmudu.

Tun da tawaye ya kori 'yan yawon buɗe ido, su biyun suke tallar raƙuman sassaƙen dutse ta hoto. Mota ba ta tashi sai da rakiyar soja, kaya su yi mako a tasha, a ɗora musu buhunan shinkafa, raƙuman su isa wuya a karye. Shi ya sa Ahmudu ya naɗe kowane raƙumi cikin tsohon rawani, ya jera su a kwali, ya ce da kansa zai kai Agadas. Motarsu ta taka nakiya.

Sojoji sun kawo mata kwalin. Ta buɗe, ta duba ɗaya bayan ɗaya.

Ta ja allon rubutu, ta buga amsa da yatsa ɗaya: "Na gode. Namu ko ɗaya bai fashe ba. Ku cire adireshi na goma."