Abin da Ya Tsinke Bayan Gada

Tun ranar da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba a gida, Auta ce ke riƙe da ofishin motocinsa na ɗaukar kaya. Ita ke tura direbobi, ita ke amsa waya idan mota ta lalace a hanya. Sai Yaya ya dawo daga inda kasuwancinsa ya karye, ya ce babba shi ne babba, ya ja kujerar ya zauna.

Da kujerar kaɗai ya ɗauka, da ta haƙura. Amma a gaban direbobi ya kwaikwayi muryarta, ya matse hanci yana cewa, "A ina? Me ya faru? Maimaita, ban ji ba!" Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa wanda ya san aiki rabin magana ya ishe shi, yawan tambaya na 'yan koyo ne. Auta ta koma ƙaramin tebur kusa da taga, ta haɗiye abin. Amma ba ta manta ba.

Wata safiya saƙon murya ya shigo wayar Yaya daga Dogo, direban da ya ɗauko ɗanyen kifi cikin ƙanƙara. A bakin titi ya yi maganar, manyan motoci na wucewa.

"Yallaɓai, mota ta tsaya. Mun wuce gadar..." ƙarar tirela ta cinye sauran. "...kaɗan. Wannan..." wata ƙarar kuma. "...ya tsinke, a taho da sabo."

Yaya ya sake kunnawa, ya manna wayar a kunne, ya ƙure sautinta. Abin da tirela ta cinye ta cinye. Ya kira bakanike ya kunna masa.

"Bel ɗin fanka ne," in ji Yaya. "Me zai tsinke a tsohuwar motar nan in ba shi ba?"

Bakanike ya sosa ƙeya. "Zai iya zama shi. Zai iya zama kebur. Da dai an buga masa an ji."

"In buga wa direba in ce me ka ce? Gobe a tasha a ce ban san mota ba? Kuma gada ai ɗaya ce a hanyarsa, gadar ƙarfe."

Suka yi ta ja-in-ja a kan rabin kalmar da ta ɗan leƙo kafin ƙarar, wannan ya ce ya ji "be", wancan ya ce "ke" ya ji. Rana na ɗagawa.

Auta na jinsu. Ta sunkuyar da kai ta rubuta wa Dogo: "Wace gada? Me ya tsinke?" Ta san inda murya ke yankewa rubutu kan wuce. Kafin ta ajiye wayar amsa ta shigo: "Gadar kasuwa. Ana aiki a hanyar gadar ƙarfe, na zagaya. Kebur ɗin totur ne."

Ta karanta, ta kifa wayar a tebur. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin na wanda ya daɗe da ƙishi. Ta san Dogo zai ɗauka ofis ya ji, ba zai sake damun kowa ba. Ta san da kifin. Ta dubi Yaya yana jefa bel a bayan ƙaramar mota.

"Ke kuma kallon me kike yi?" ya ce.

"Koyon aiki nake, Yaya. Allah ya kiyaye hanya."

Suka tafi. Ta share teburinta, ta haɗa shayi, ta sha a hankali. Direbobi biyu da ke jiran lodi suka shigo shan fanka, ta ba su kujeru, ta ce su zauna, ai babu sauri.

Rana ta take tsaka wayarta ta yi ƙara. Yaya ne. Ta bari ta kusa tsinkewa, sannan ta ɗauka ta buɗe lasifika.

"Wannan mahaukacin ba ya nan! Mun bi gaba, mun dawo baya, hanyar ma a rufe take. Na kira shi, layin sai kakkatsewa yake, abin da na ji kawai wai ya gaya miki."

"Ya gaya mini."

"To?"

"To me, Yaya? Rabin magana ne wannan. Ni 'yar koyo ce, sai an cika mini."

Ana jin numfashinsa da ƙarar iska. Ɗaya direban ya toshe baki da hula.

"A ina yake?" in ji Yaya a ƙarshe.

"Maimaita, ban ji ba."

"A ina yake, Auta!"

"Gadar kasuwa. Akwai sauran tambaya?"

Ya kashe wayar. Ta san zai kashe, shi ya sa ba ta yi gaggawar ambaton kebur ba.

Daga gadar ƙarfe zuwa gadar kasuwa sai an dawo ta cikin gari, an kutsa cunkoso. Da suka isa, bakanike ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga bel lafiya lau, kebur ne ke lilo. Dole ya sake komawa gari neman irinsa, ya bar Yaya da Dogo a rana, ruwan ƙanƙara na tsiyaya daga bayan mota, ƙudaje sun fara kawo ziyara. Sai bayan la'asar motar ta shigo. Masu sayen kifi suka ɗaga akwatuna suna shinshinawa. Na ƙasa suka karɓa, na sama suka ce a kai wa kyanwa.

A falon Baba aka yi shari'ar. Ƙafarsa na kan matashi, ya saurari kowa har ya gama.

"Ta sani ta yi shiru!" Yaya na nuna ta da yatsa. "Da gangan, Baba!"

"Da gangan ne," in ji Auta. Ba ta ko sunkuyar da kai ba. "Waya na hannunsa. Abin da na yi kafin shayi ya huce, shi ya ƙi yi. Ko ni ɗin ma, ina zaune gabansa, bai tambaye ni ba."

Baba ya dubi ɗansa. "Kai, girman kai ya kai ka gadar da babu mota. Daga gobe ka koma wajen lodi." Ya juyo. "Ke kuma kin rama, na gani. Amma da kifina kika rama. Ki koma kujerar, kada ki sa ran zan ce kin kyauta."

Ba ta sa ran ba. Ta fito tana jin jikinta sakayau.

A bakin ofis ta tarar da Dogo yana wanke bayan mota da dogon buroshi, wari ya cika wurin. Leɓunansa sun bushe, wuyansa ya yi baƙi da rana. Ta yi masa sannu. Bai ɗago ba.

"Uwar ɗakina," ya ce, yana ci gaba da gurzawa, "in za ku sake faɗa ke da yayanki, ki faɗa mini tun da safe, in tafi da ruwan sha."

Ta shiga ciki ta ɗauko masa gorar ruwan sanyi ta ajiye a kan taya. Sannan ta leƙa ta taga ta ƙwala wa Yaya kira, ta ce akwai buroshi na biyu a sito, kuma motar da sassafe za ta fita.