An Cire Saminu Daga Tsarin Iyali

Lubabatu ce ke riƙe da tsarin iyali marar talla na manhajar waƙoƙi a gidansu na Zongo. Mutum shida yake ɗauka, duk a adireshi ɗaya, kuma ita kaɗai ke sawa da cirewa. Ƙaninta Saminu ya koma unguwar Vêdoko tun bara, amma ta kau da kai.

Sai ya yi sunan jaririnsa, aka raba naman rago har maƙwabta, ita ko ƙashi. Ta cije leɓe, ta cire shi, ta tura wa Saude, ƙanwar mijinta da ke zaune da su, gayyata.

Saminu ya kira. "Yaya, talla ta dame ni!"

Ta ce, "Dokarsu ce, sai 'yan gida ɗaya. Waɗanda suka ci ragon su sa ka."